Ya ce min ya gama matse bidiyon, amma ina fayil ɗin?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana a taimaka. Ranar Asabar aka yi walimar saukar karatu ta ƙanwata, na ɗauki bidiyo da wayata, minti 14, nauyinsa giga 1.6. 'Yan uwa na nesa sun matsa min in tura musu, ni kuma so nake in yanke farkon inda ake jera kujeru, in bar minti 12, in matse shi ya dawo kamar mega 60. Na shiga ɗaya daga cikin manhajojin hirar nan na ƙirƙirarriyar basira na yi masa bayani. Ya ce ba matsala. Can sai ga shi ya rubuto wai ya kammala, har da linkin saukewa. Na danna, shiru. Na ce masa bai buɗe ba, ya ba ni haƙuri ya turo wani, shi ma haka. Sau huɗu muna yi. Amma wani abokina ya rantse min shi nasa yana yanke masa bidiyo. To ni nawa ne ya lalace, ko me?

Shamsu Gwale:
Wa alaikumus salam. Abokinka zolayarka yake. Waɗannan abubuwan rubutu kawai suka iya, ba su da hannun taɓa bidiyo. Ka sauke manhajar tace bidiyo ka huta.

Zulaihat M.:
Malam Shamsu, rabin maganarka gaskiya ce. Abban Hanifa, tambaya ɗaya kafin komai: ka loda masa bidiyon, ko kuwa labarinsa kawai ka ba shi?

Abban Hanifa:
Na gwada lodawa ya ƙi karɓa. Sai na rubuta masa sunan fayil ɗin da tsawonsa.

Zulaihat M.:
To ai maganar ta fito. Abin da bai taɓa shiga hannunsa ba, ta yaya zai yanka? Linkin nan ba ya kaiwa ko'ina, shirya shi ya yi don ya yi kama da irin amsar da ake bayarwa in an gama aiki.

Shi ainihin injin hirar, kamar yadda Malam Shamsu ya ce, rubutu ne ainihin aikinsa, ba ya yanka fayil da kansa. Inda abokinka ya bambanta da kai shi ne, wasu kamfanonin sun haɗa wa injin nasu wata 'yar kwamfuta a can sabarsu. Idan ka loda fayil, cikinta yake sauka. Sai injin ya rubuta kod, yawanci da Python, a kunna kod ɗin a kan wannan kwamfutar, abin da ya fito a dawo masa da shi ya karanta. Har yanzu rubutu yake yi, sai dai yanzu akwai mai aiwatar da rubutun. Wanda kuma yake yankan bidiyon da gaske wata tsohuwar manhaja ce mai suna ffmpeg, tun shekarar 2000 take, kyauta ce, kuma manhajoji da yawa da muke tace bidiyo da su ita ce a ƙarƙashinsu.

A ChatGPT an buɗe wa masu biyan kuɗi wannan tsarin a watan Yulin 2023 da sunan Code Interpreter, daga baya suka sauya masa suna zuwa Advanced Data Analysis. Wasu kamfanonin su ma suna da irinsa yanzu. Amma ba kowace manhaja ba, kuma ko a manhaja ɗaya ba kowane asusu ba.

Shamsu Gwale:
To ai maganata ce Hajiya. Ba shi ke yi ba, ffmpeg ke yi.

Zulaihat M.:
Haka ne, kamar yadda ba tela ke huda yadi ba, allura ce. Amma akwai bambanci tsakanin telan da ke zaune a kan keke da wanda yake kwatanta maka ɗinki ta waya.

Kawu Tanko:
Ni fa 'ya'yana wannan abu tsoro yake ba ni. Jiya aka turo min bidiyon wani babban mutum yana magana, ashe duk ƙarya ne, na'ura ce ta haɗa. Yanzu kuma bidiyon walimar ma na'ura za ta ƙirƙira? Allah Ya kyauta.

Rabi'u Edita:
Kawu ba wannan ake magana ba. Waccan ƙirƙirar bidiyo ce daga babu. Wannan kuwa bidiyonsa ne na gaske da ya ɗauka da hannunsa, rage masa tsawo da nauyi kawai yake so.

Kawu Tanko:
To madalla. Na fahimta, ku ci gaba.

Abban Hanifa:
Hajiya Zulaihat na gode. To ta yaya mutum zai gane wanda yake aiki da gaske da wanda yake yi masa daɗin baki? Don wallahi yadda ya rubuto "na kammala" ba ka ce wasa ba ne.

Zulaihat M.:
Kada ka tambaye shi "za ka iya?", don amsar ba abin dogaro ba ce ta kowane ɓangare. Na ga wanda yake da kayan aikin ya ce ba zai iya ba, na ga wanda ba shi da su ya ce zai iya. Kada kuma ka ce ya nuna maka sigar ffmpeg da yake da ita, wannan zai iya kawo ta daga hadda.

Ka tambaye shi abin da kai ka sani, shi kuma ba yadda zai sani sai ya buɗe fayil ɗin. Ka loda ɗan gajeren bidiyo, kada ka faɗa masa komai a kansa, ka ce ya gaya maka tsawonsa da nauyinsa daidai. Mai aiki da gaske zai kunna wani abu kamar haka:

```
ffprobe -v error -show_entries format=duration,size gwaji.mp4
```

ya dawo maka da daƙiƙoƙi har da ɗigo, da nauyi a bayit. Sai ka duba bayanan fayil a wayarka ka gwada. Sannan yawancin masu wannan tsarin suna da wani wuri da za ka danna ka ga kod ɗin da aka kunna da abin da ya fito. In babu wurin, fayil kuma bai lodu ba, to hira kuke yi kawai.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni na bi hanyar Shamsu amma ta wani gefen. Hira zalla nake amfani da ita, ba na loda komai. Ina ce masa ya rubuta min umarnin, ni in kunna a kwamfutata. Sai dai ran nan ya ba ni wannan:

```
ffmpeg -i biki.mp4 -vf scale=-1:480 -c:v libx264 karami.mp4
```

na kunna ya watso min jan rubutu, `width not divisible by 2 (853x480)`. Na yi kusan awa ina zaton kwamfutar ce.

Zulaihat M.:
Yauwa, Allah Ya yi maka albarka, ka kawo misalin da ya fi duk bayanina. Bidiyonka faɗinsa 1920, tsayinsa 1080. Ka ce a mai da tsayin 480, `-1` kuma yana nufin a lissafa faɗin da ya dace. Lissafin ya ba da 853 da 'yan kai, aka tsaya a 853. Shi kuwa libx264, wato mai matse hoton, a irin launin da bidiyon waya ke zuwa da shi, ba ya karɓar lamba mara. Da an sa `-2` sai ya zaɓi lambar da 2 ke rabawa, aiki ya wuce.

Abin lura a nan: mai kunna kod ma yana yin wannan kuskuren. Ba wai ya fi wayo ba ne, sau da yawa injin ɗaya ne. Amma shi zai kunna, jan rubutun ya dawo masa, ya karanta, ya sauya `-1` zuwa `-2`, ya sake kunnawa, kai ba ka ma san an yi ba. Na hira kuwa ya jefa maka umarnin ya juya baya. Bai san ko ya yi aiki ba sai ka dawo ka faɗa masa. A ganina duk bambancin a nan yake: ɗaya yana ganin abin da aikinsa ya haifar, ɗaya ba ya gani.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya ne, don da na kwafe jan rubutun na manna masa, nan take ya gyara.

Zulaihat M.:
Ka ga kai ka zama idonsa ke nan.

Rabi'u Edita:
Hajiya duk na yarda, amma bari in kawo abin da ke ƙasa. Ni sana'ata ke nan, bukukuwa nake ɗauka shekara da shekaru. Bidiyon bawan Allahn nan giga 1.6 ne. Ko yana da asusun da ke kunna kod, ina zai kai shi? Iyakar fayil ɗaya a ChatGPT mega 512 ce. A ce ma ya shiga, ya ƙona data giga ɗaya da rabi wajen lodawa don ya sauko da mega 60? An yi ba a yi ba ke nan. Ga netiwok ɗinmu, ka kai kashi 80 ya yanke ka koma farko.

Kuma 'yar kwamfutar da suke ba shi ba wata mai ƙarfi ba ce. Na taɓa gwada wata da bidiyon minti shida, tana cikin matsewa aka ce lokaci ya ƙare. Ya sake, ya sake ƙarewa. Na tafi sallar Magariba na dawo, aka ce zaman ya rufe, fayil ɗin da na loda ya tafi, sai in sake lodawa. Daga ranar na san iyakarta.

Zulaihat M.:
Ban musa ko ɗaya ba Malam Rabi'u. An gina wurin ne don lissafi da ƙananan fayiloli, kowane umarni yana da iyakar lokaci, wurin kuma na wucin gadi ne, ana share shi. Yawanci ma ba a haɗa shi da intanet ba, shi ya sa in ka ba shi linkin bidiyo ka ce ya sauko ya yanka, ba ya iyawa. Ga bidiyon Abban Hanifa, ni ma ba zan ce ya loda ba. A wayarsa za a yi aikin.

Abban Hanifa:
A waya kuma? Ni ba ni da kwamfuta fa.

Rabi'u Edita:
Android ce?

Abban Hanifa:
Eh.

Rabi'u Edita:
To ka sauke Termux, manhajar rubuta umarni a waya, ni daga rumbun manhajoji na F-Droid nake ɗaukowa. Baƙin allo ne za ka gani, kada ya tsorata ka. Ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, in ya nemi izinin shiga ma'ajiyar waya ka ba shi:

```
pkg install ffmpeg
termux-setup-storage
cd ~/storage/dcim/Camera
```

Yanzu lissafin mega 60 ɗin, don ka san daga ina lambobin suka fito. Minti 12 daƙiƙa 720 ke nan. Mega 60 in ka ninka da 8 ka sami megabit 480, wato kilobit 480,000. Raba da 720, kowace daƙiƙa ta sami kusan kilobit 666. Wannan shi ne kasafinka, hoto da sauti duk a ciki za su ci. Tunda karatu ne, sauti ya fi komai muhimmanci, ka ba shi 96. Saura 570 na hoto. Da 570 ba za ka riƙe girman 1080 ba, zai dagule, shi ya sa za mu sauko 480. A wane minti kake so a fara?

Abban Hanifa:
Minti ɗaya da daƙiƙa goma, nan malam ya fara addu'a.

Rabi'u Edita:
```
ffmpeg -ss 00:01:10 -i sauka.mp4 -t 720 -vf scale=-2:480 -c:v libx264 -b:v 570k -preset veryfast -c:a aac -b:a 96k karami.mp4
```
Ka sa ainihin sunan fayil ɗinka a wurin `sauka.mp4`, ko ka fara sauya masa suna don sauƙi. Ka sa waya a caji, ka cire mata riga don za ta yi zafi. Ka kuma rubuta `termux-wake-lock` kafin ka fara, kada waya ta yi barci ta kashe aikin.

Shamsu Gwale:
Malam Rabi'u me ya sa ba za a sa `-c copy` ba? Ni da shi nake yanka, daƙiƙa biyu ya gama, waya ko ɗumi ba ta yi.

Rabi'u Edita:
Don `-c copy` yanka kawai yake, ba ya matsewa. Minti 12 ɗin za su fito da kusan giga 1.4. Sannan yana da wata matsala da ba kowa ke lura ba. Bidiyo ba cikakkun hotuna ne jere ba. Ana ajiye cikakken hoto ɗaya, waɗanda ke biye kuma bambancinsu da shi kawai ake rubutawa, har a kai wani cikakken. In kana kwafa ba tare da sake matsewa ba, dole yankan ya jingina da cikakken hoton. Shi ya sa wani lokaci za ka ce a fara daga daƙiƙa 70, ka ga ya fara kafin nan, ko kuma murya na tafiya hoto ya daskare na ɗan lokaci. A bidiyon da waya ta ɗauka tazarar ba ta da yawa, kamar daƙiƙa ɗaya. Amma wanda aka riga aka matse da x264 tana iya kaiwa hoto 250, wajen daƙiƙa takwas ke nan.

Shamsu Gwale:
Kai! Ashe shi ya sa. Ni na ɗauka wayar mai kallo ce ke sarƙewa.

Zulaihat M.:
Wannan kuma irin kuskuren da ko mai kunna kod yana iya wucewa ne, don ffmpeg ba ya yin jan rubutu a kansa. A wurinsa aiki ya yi kyau. Injin zai ga babu ƙorafi, ya ce maka an gama. Sai in ka ce masa ya auna tsawon abin da ya fito, ko ya ciro hoton farko ya duba. Don haka ko da na ce yana ganin sakamako, abin da aka rubuto masa yake gani, ba zama yake ya kalli bidiyon ba.

Maman Iman:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa matsalar daban ce amma ina jin nan ne wurinta. Ina koyar da girki, ina sa rubutu a ƙasan bidiyo saboda masu kallo ba sauti. Na ba wani mai kunna kod ɗin ɗan bidiyo na minti ɗaya da fayil ɗin rubutun, ya manna min, ya ce ya gama. Da na buɗe, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke sai ɗan akwati. "Ɗanɗano" ya koma akwati an akwati ano. Na ji kamar in yi kuka.

Zulaihat M.:
Sannu Maman Iman, abin dariya abin haushi. Ga shi kin kawo shaidar abin da na gama faɗa. Salon harafin da aka yi amfani da shi ne ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, ba a kuma sami wani da zai cike gurbin ba. Ki ce masa ya yi amfani da DejaVu Sans ko Noto Sans, duka biyun suna da su:

```
ffmpeg -i girki.mp4 -vf "subtitles=hausa.srt:force_style='FontName=DejaVu Sans'" -c:a copy fita.mp4
```

In babu salon a wurinsa, tunda ba zai iya saukowa daga intanet ba, ke za ki loda masa fayil ɗin harafin tare da bidiyon. Fayil ɗin rubutun kuma ya kasance an adana shi a UTF-8. Abu na ƙarshe, ki ce kafin ya ba ki bidiyon ya ciro hoto ɗaya daga inda kalma mai ƙ take ya nuna miki. A nan mai kunna kod ya yi wa na hira nisa, don bidiyonki ƙarami ne, gwaji uku huɗu ba komai ba ne a wurinsa.

Maman Iman:
Allah Ya saka da alheri, zan gwada in yara sun kwanta.

Ɗan Maraɗi:
To su filogin fa? Na ji ana cewa akwai waɗanda kake haɗawa da hirar su yi maka bidiyo. Ɗaya ne da wannan?

Zulaihat M.:
Ba ɗaya ba ne. A kunna kod, injin ne ke rubuta umarnin da kansa, duk abin da ffmpeg ya iya zai iya nema. A filogin kuwa wani kamfani ne daban ya ce ga ayyukan da na iya, misali yanka, sa rubutu, haɗa hotuna, sai injin ya cike masa takardar oda ya aika. Aikin a sabar wancan kamfanin ake yi. Ribar ita ce injinansu an yi su ne don bidiyo, ba ruwansu da ƙarewar lokacin da ta dami Malam Rabi'u. Hasarar kuma, abin da ba ya cikin jerinsu ba za ka samu ba, ba za ka ce musu kilobit 570 nake so ba in ba su tanadi wurin ba. OpenAI mai ChatGPT ta fito da nata filogin ɗin a Maris 2023, ta rufe su a 2024 ta koma kan GPTs, wato ChatGPT da mutum ke tsarawa don wani aiki na musamman. A ƙarshen 2024 kuma Anthropic ta fitar da MCP, wata ƙa'ida ta haɗa injin da kayan aiki na waje. Suna yana sauyawa, tsarin dai shi ne: injin ya aika saƙo, wani ya yi aiki, a dawo da amsa.

Malam Auwalu:
Ina bin ku tun ɗazu. Abu ɗaya ba wanda ya taɓo. Bidiyon walima ne, akwai matan mutane da 'yan mata a ciki. Su sun yarda a kai fuskokinsu sabar wani kamfani a ƙasar waje? Da filogin ma kamfani biyu ke nan. Ni a wurina ko da lodawa kyauta ce, hira zalla ta fi, umarni kawai za ka karɓa, bidiyo bai bar wayarka ba.

Shamsu Gwale:
Malam ai in an gama WhatsApp za a tura shi, daga nan ya zaga duniya. Wane sirri ya rage?

Malam Auwalu:
Tura wa dangi daban, miƙa wa kamfani daban. Saƙon WhatsApp ai a kulle yake tafiya tsakaninka da wanda ka tura wa. Wancan kuwa dole su buɗe shi kafin su yi aiki a kai.

Shamsu Gwale:
Dangin da za su sa shi a sitatus kafin ka ƙifta ido? Ni dai ban ga bambanci a aikace ba.

Rabi'u Edita:
Ni ina bayan Malam Auwalu, amma dalilina na sana'a ne. Bidiyon mutane amana ce a hannuna, in ya fita ta wata hanya ni za a kama, ba kamfani ba. Abin da nake yi in wani fayil ya gagare ni, sai in yanko daƙiƙa 20 daga inda babu fuskar kowa, da `-c copy` ɗin Shamsu, kamar mega 40 ke nan. Shi nake loda wa mai kunna kod ya yi ta gwaji a kai har umarnin ya zauna. Sai in kwafo umarnin in kunna a kan cikakken a kwamfutata.

Zulaihat M.:
Wannan dabarar ta yi. Akwai kuma masu aiki kai tsaye a kan kwamfutarka, su kunna ffmpeg ɗinka a kan fayilolinka, babu lodin bidiyo. Sai dai a nan a riƙa karanta umarni kafin a ba shi izini. Akwai `-y` da ke sa ffmpeg ya rubuta a kan fayil mai irin sunan ba tare da tambaya ba. In sunan ya zo ɗaya da wani bidiyonka, ya tafi ke nan.

Abban Hanifa:
Jama'a na dawo. Ya ɗauki wajen minti 25, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga. Fayil ya fito mega 61, sauti garau. Amma hoton ya yi ƙanƙanta, siriri a tsakiya, fuskoki duk sun dushe. Ina na yi kuskure?

Rabi'u Edita:
A tsaye ka riƙe wayar da kake ɗauka?

Abban Hanifa:
A tsaye.

Rabi'u Edita:
Laifina ne, ban tambaye ka ba, na ɗauka a kwance ne. Tunda a tsaye yake, tsayin ne 1920, mun mai da shi 480 sai faɗin ya koma 270. Juya lambobin: `scale=480:-2`. Sauran duk ka bar su yadda suke, sai sunan fayil ɗin fita, ka sa `karami2.mp4`. Nauyin ba zai sauya sosai ba tunda kasafin kilobit ɗin bai motsa ba.

Shamsu Gwale:
Hahaha, Malam Rabi'u ka zama na hira zalla ke nan, ka ba da umarni ba ka ga fayil ba.

Rabi'u Edita:
Na karɓa. Da ya turo min abin da `ffprobe` ya nuna tun farko da ban faɗa ramin ba. Ko da yake shi ma sai an kula, don wayoyi da yawa suna rubuta 1920x1080 ko a tsaye aka ɗauka, sai su ƙara alamar juyawa ta digiri 90 a gefe. In ba ka duba alamar ba ka sake faɗawa.

Zulaihat M.:
Abban Hanifa kafin ka sake ƙona minti 25, sauya `-t 720` zuwa `-t 15` ka ga yadda daƙiƙa sha biyar za su fito. In sun yi maka, sai ka mayar.

Abban Hanifa:
Na gwada sha biyar ɗin, yanzu ya cika allo, har allon da ke hannunta ana gani. Na saki cikakken, caji na kan 41, wuta kuma sun ɗauke. Bari in je shagon mai caji.

Maman Iman:
Hajiya Zulaihat, ƙ da ɗ sun fito. Amma yanzu rubutun ya yi girma ya rufe tukunyar, ina ake rage shi?